An ba abokin aikina kujerar da nake nema, ya zan yi masa barka ba da baƙin ciki ba?

"Ina aiki a sito na wani kamfanin sufurin kaya a Apapa. Ni da wani ɗan'uwa Bahaushe muka nemi kujerar sufabaiza, tare muke hawa mota daga Agege, har ma na riga shi shiga kamfanin, sai aka ba shi. Wallahi raina ya ɓaci. Ina so in yi masa barka amma ba na son munafunci. In bari sai na huce?"

A'a ɗan'uwa, kar ka jira. Ka yi masa ranar da takarda ta fito, in ta ƙi to washegari da safe kafin a shiga hidimar aiki. Hucewar nan tana iya ɗaukar wata guda ko fiye, shi kuma ofis ba ya jiran kowa, duk wanda ke wurin ya san ku biyu ne kuka shiga intabiyu, kuma idon kowa na kanka, har masu gadi da direbobi. Shirun kwana uku ya isa a ce ai wane ya ƙullaci wane, daga nan kuma ko ka zo da zuciya ɗaya za a ce dole ce ta sa ka.

Batun munafunci kuma, mu tsaya a kai, don nan ne yawancin mutane ke rikicewa. Ciwon da kake ji na rasa abin da ka sa wa rai daban, son abin ya kuɓuce masa daban. Na biyun shi ne hassada, yadda malamai suka bayyana ta, wato ka yi fatan ni'ima ta gushe daga hannun wani. Amma ka so a ce kai ma ka samu irin nasa ba tare da an raba shi da nasa ba, wannan ba laifi ba ne. Ka gwada kanka da tambaya ɗaya: da gobe za ka ji an ce an soke ƙarin girman nasa, kuma ba kai za a ba ba, wani za a ɗauko daga reshen Ikeja, za ka ji sanyi a ranka? In ba za ka ji ba, to lafiyarka ƙalau, ciwo ne kawai, kuma barkar da za ka yi gaskiya ce ko da zuciyarka na tafasa. In kuwa za ka ji, to akwai ɗan aiki a gabanka, kuma abin da na ga yana yi wa mutane magani shi ne ka kama sunansa a sujada ka roƙa masa albarka a kujerar, sannan ka roƙa wa kanka naka. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i haka ta tsara abin, ta hana burin abin da Allah ya fifita wani da shi, sai ta ce a roƙi Allah daga falalarsa.

"To me zan ce masa takamaimai? Ina tsoron muryata ta tona min asiri."

Gajere. Minti ɗaya ya isa. Ka same shi shi kaɗai, ba a tsakiyar sito ana loda kaya ba, ka miƙa masa hannu, ka kalle shi, ka ce wani abu kamar haka: "Mutumina barka, Allah ya sanya alheri, Allah ya taya ka riƙo. Yadda ka riƙe lissafin kayan nan lokacin da kwantenoni suka taru mana ƙarshen shekara, kowa ya gani." Shi ke nan.

Ka lura da jimlar ƙarshen nan, ita ce ke ɗauke da nauyin maganar. "Allah ya sanya alheri" kowa zai faɗa, har wanda ba ya ƙaunarsa. Amma ka ambaci abu guda na gaske da ya iya, wanda kai da kanka ka shaida, wannan ba a iya ƙirƙirarsa, kuma yana sauƙaƙa maka kai ma, don ba ƙarya kake yi ba balle muryarka ta rawa. Saboda haka tun a mota, kafin ku wuce Oshodi, ka zauna ka nemo wannan abu gudan. In ba ka yarda ya fi ka cancanta ba, kar ka ce "ka cancanta fiye da kowa", ba wanda ya tilasta maka. Faɗi iya abin da ka yarda da shi.

Tunda kuna da kusanci, ba laifi ka ƙara da cewa "ka san ni ma na nema, kuma ba zan ɓoye maka ba na so, amma tunda kai Allah ya ba, ina tare da kai." Sau ɗaya za ka faɗa, kar ka maimaita gobe. Shi ma fa a takure yake, tun da takarda ta fito yana tunanin da wane ido zai kalle ka, wannan maganar ce za ta sauke masa. Amma in da wanda aka ba ba abokinka ba ne, ko ya girme ka, ko mace ce da ba ku saba ba, to bar wannan ɓangaren, ka tsaya a "ranka ya daɗe barka" ko "Hajiya barka, Allah ya ba da ikon sauke nauyi."

"Akwai kalaman da ke nuna mutum na ciki na ciki?"

Suna da yawa, kuma masu faɗarsu sukan ɗauka raha suke yi. "Kai ka yi sa'a fa." "Su wane masu uwa a gindin murhu." "Ni dama ban wani damu da kujerar ba, wahala ce zalla." "Ka tuna dai ni na koya maka aikin." Kowacce a ciki barka ce da aka cire mata lada, ta farko da ta biyu suna cewa ba aikinsa ba ne ya kai shi, ta uku tana rage darajar abin da ya samu, ta huɗu kuma tana karkato da maganar ta dawo kanka. Duk barkar da "amma" ta biyo bayanta, abin da ke bayan amman kawai za a riƙe.

Sai kuma ɗaya gefen, wuce gona da iri. Mutumin da bai saba ihu ba ya zo yana rungume-rungume, yana ta kirari, ya sa hoton abokin a WhatsApp da dogon rubutu. Labarin zuciya a tambayi fuska, mutane na ganewa. A gurup na ofis layi ɗaya ya isa, kuma bayan kun haɗu ido da ido, ba kafin ba.

"Idan fa ina da yaƙinin an zalunce ni? Na fi shi daɗewa."

To sai ka raba kaya biyu. Barka tasa ce, ƙorafi na waɗanda suka yanke hukunci ne, kar ka ɗora masa don ba shi ya ba kansa ba. Ka bar sati ɗaya ko biyu su wuce, ka nemi manajanka ko sashen kula da ma'aikata su ba ka minti goma sha biyar, kuma kar sunan abokin naka ya fito daga bakinka. Da ka ce "me ya sa shi ba ni ba", oga zai shiga kare kansa, ba za ka fito da komai ba. Tambayi abin da za a iya amsawa: me aka duba wajen zaɓen, a ina na gaza, kuma me ake so a gani a wurina kafin a sake buɗe gurbi. Ka rubuta amsar a gabansa.

Daɗewa kuma, gaskiya mai ɗaci, ba ita kaɗai ake dubawa ba. Ko a aikin gwamnatin tarayya da komai ke rubuce, shekarun da ake buƙata a kan mataki, wato 2 ga masu mataki na 06 zuwa ƙasa, 3 ga na 07 zuwa 14, 4 ga na 15 zuwa sama, suna ba mutum damar a duba shi ne kawai, bayan su akwai jarrabawa, akwai rahoton aiki na shekara, kuma sai in akwai gurbi. Balle kamfani mai zaman kansa. A sito irin naku sau da yawa abin da ke raba gardama shi ne wa ya iya rubuta rahoto mai tsabta, wa ya iya lissafin kaya a kwamfuta, wa ke iya magana da kwastoma da direbobi ba a yi faɗa ba. In amsar da aka ba ka irin wannan ce, ka samu abin yi. In kuwa kame-kame aka yi ta yi maka, ko ka ga an taka ƙa'idar da kamfanin ya rubuta da kansa, ka kai ƙorafi a rubuce, ko ka fara duba wani wurin a natse. Neman wani aikin ba gaba ba ne da abokinka.

Ɓacin ran kuma ka kai shi gida, wajen mai ɗakinka ko yayanka ko amini wanda ba ya aiki a wurin. Ban da majalisar Agege. Hausawan Legas ga yawa amma hanyar magana gajeriya ce, abin da ka faɗa wajen mai shayi bayan isha'i, kafin asuba ya isa kunnen matarsa. Kuma za ka ga 'yan ofis masu zuwa da "wallahi kai ya kamata a ba", ka ce musu "Allah ya riga ya yi, na gode" ka wuce, cikin masu zuwan nan akwai mai ɗaukar rahoto.

"Yanzu ya zama ogana. Ya zan zauna da shi?"

Nan ne za a san ko barkar ta gaske ce, ba ranar farko ba. Mitin ɗin farko da zai jagoranta ka zo da wuri. In ya ba ka aiki a gaban yara ka karɓa yadda kake karɓa daga tsohon sufabaiza, don ƙananan ma'aikata kai suke kallo, in ka yi masa gatsine su ma za su yi. Abin da ka sani na aikin da shi bai sani ba, kamar wane direba ne ke son ɓata lokaci a tashar jirgin ruwa ko wace takarda ke yawan maƙalewa, kar ka riƙe kana jiran ya gaza, irin wannan riƙon manyan na gane shi da wuri kuma shi ke kashe mutum a zagaye na gaba. In ya yi kuskure ja shi gefe. A ofis ka ba shi girman kujerarsa, a mota ku koma yadda kuke, amma kar ka nemi alfarma don abota, kar kuma ka tambaye shi nawa aka ƙara masa.

In ya sayo tsire da lemo don 'yan ofis, kamar yadda ake yi a Legas in an samu ƙarin girma, ko ya haɗa 'yar walima a gida, ka je. Ba dole ka kai ƙarshe ba, ka ci, a yi addu'a da kai, ka yi sallama, in ka ce kana gudun gosulon hanya ba wanda zai ce maka komai.