Ƙin cin abinci ba ya hana ɓacin jiki bayan raunin laka

Da yawa daga waɗanda laka ta samu rauni kan ƙauracewa abinci da ruwa, wai don kada bayan gida ya kufce musu. Wannan kuskure ne mai ban tausayi. Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa ne suka lalace, yunwa kuwa sai ta busar da kashi ya toshe hanji, ruwa-ruwa ya riƙa zubowa ta gefensa kamar zawo.

Abin da ke aiki shi ne tsayayyen lokaci. A ce kullum da safe, minti 30 bayan kunu mai ɗumi, lokacin da hanji ke motsawa da kansa, sai a sa maganin matsi ta dubura ko a fitar da kashin da yatsa mai safar hannu, yadda likita ya koyar. Hanji kan ɗauki makonni kafin ya saba.