Waiwaye: Yadda sifili ya sauya tafiyar ilimin lissafi

Malamanmu na da a ƙasar Sakkwato, idan suka kammala waƙa ko littafi, sukan rubuta shekarar kammalawar da ramzi, wato da haruffan Larabci waɗanda kowanne yake ɗauke da adadinsa. A tsarin abjad na Magrib da ake bi a nan, harafin shin yana nufin 1000, ra 200, dal kuma 4, don haka shekarar 1204 ta Hijira ana iya rubuta ta da waɗannan haruffa uku kawai. Babu buƙatar wata alama da za ta nuna cewa babu gomomi a cikin adadin, domin ra 200 ne ko'ina aka ajiye shi. Tsari ne mai kyau wajen adana tarihi, yana kuma shiga cikin baitin waƙa ba tare da ya karya kari ba. Sai dai an yi shi ne don a rubuta sakamako bayan an gama lissafi da ka, ko da tsakuwa, ko da tsibin wuri. Haka lambobin Rumawa da na Girkawa suke.

Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun fara bin wata hanya dabam, inda darajar alama take dogara ga gurbin da take zaune, kuma suna ƙidaya da sittin-sittin ne, abin da muka gada a mintuna da daƙiƙoƙin agogo. Nan take matsala ta bayyana, domin alama guda tana iya zama 1, ko 60, ko 3600, kuma idan gurbin tsakiya ba kowa, sai dai marubuci ya bar ɗan fili a kan allon yumɓu. Wajen ƙarni na 3 kafin Miladiyya suka saba da sa alamar karkatattun ƙusoshi biyu a wannan fili. Amma galibi ba sa sa ta a ƙarshen adadi, ba su kuma ɗauke ta lambar da za a tara ko a ninka ba. Mai tsaron gurbi ce kawai.

A Indiya aka haɗa abubuwan da suka kawo juyin: ƙidaya da goma-goma, alamomi tara, darajar gurbi, da alama ta goma mai tsaron gurbin da babu kowa, wato sifili. A jikin wani wurin bauta a garin Gwalior akwai rubutu na shekarar 876 da aka sassaƙa 270 da ɗan da'ira a ƙarshe, kamar yadda ɗalibin firamare zai rubuta yau. Kafin wannan shekara ma tsarin ya riga ya isa Bagadaza, inda Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya yi littafi a kan lissafin Indiyawa wajen shekarar 825.

Amfanin abin ya fi fitowa idan aka gwada shi. A ce wani ɗan kasuwa a Babbar Kasuwar Sakkwato ya sauke kwali 205 na sabulu, kowane kwali da sanda 24. Zai fara da 4: huɗu sau biyar ashirin, ya rubuta 0 ya riƙe 2, huɗu sau sifili sifili, a haɗa da 2 ɗin da aka riƙe ya zama 2, huɗu sau biyu takwas, ya sami 820. Daga nan sai ya ajiye 0 a gurbin ɗaiɗai domin 2 ɗin da ke cikin 24 ashirin ne, ya sake bin layin da 2, ya sami 4100. Jimilla 4920. Duk aikin bai buƙaci komai ba sai haddar ninkin lambobi daga ɗaya zuwa tara, kuma da wannan hadda ɗaya zai yi wa miliyoyi irin wannan aikin. Mai amfani da abjad kuwa zai rubuta ra da ha, wato 200 da 5, a sama, kaf da dal, wato 20 da 4, a ƙasa, sannan dole ya san da ka cewa ra sau kaf dubu huɗu ne, alhali babu abin da ke jikin haruffan da zai nuna masa dangantakar wannan da biyu sau biyu. Kuskuren da yara suka fi yi a irin wannan ninki shi ne tsallake sifilin tsakiya, sai 205 ya koma 25, amsa ta fito 600. Ana gane shi da kimantawa, tun da kwali 200 kaɗai sun kai sanda 4800.

Wannan shi ne juyi na farko: rubutacciyar lamba ta zama ita ce kayan aikin lissafin, kuma kowane mataki yana nan a kan takarda, wani zai iya bi ya gano inda aka kauce.

Juyi na biyu, wanda a ganina ya fi zurfi, ya riga al-Khwarizmi da kusan shekara ɗari biyu. A shekarar 628 masanin Indiya Brahmagupta ya rubuta wa sifili dokoki kamar kowace lamba, yana magana da harshen dukiya da bashi. Ya ce idan aka cire adadi daga kansa, abin da ya saura sifili ne. Idan aka tara sifili da adadi, adadin ba ya canjawa. Idan aka ninka kowane adadi da sifili, sifili ake samu. Idan kuma aka cire dukiya daga sifili, bashi ne ya rage. Wannan doka ta ƙarshe ita ta ba lambobin da ke ƙasa da sifili mazauni, domin mai naira 300 da ya ci kayan naira 500 yanzu yana da lambar da za a rubuta masa a kan layi ɗaya da mai riba, sifili yana tsakaninsu.

A wuri guda Brahmagupta ya kuskure, wato da ya ce sifili a raba da sifili sifili ne. Rabawa tambaya ce ta juyin ninki: 12 a raba da 3 na nufin wace lamba ce idan aka ninka da 3 za ta ba da 12. Idan aka tambayi wace lamba ce za a ninka da sifili ta ba da 12, babu ita, domin kome aka ninka da sifili sifili ne. Idan kuma aka tambayi wadda za ta ba da sifili, kowace lamba ta dace, don haka babu amsa guda. Shi ya sa lissafin yau ya bar rabawa da sifili ba tare da ma'ana ba.

Turai ta karɓi tsarin a makare. Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koye shi a garin Bijaya na Aljeriya inda mahaifinsa yake aikin kasuwanci, ya kuma yaɗa shi da littafinsa na 1202. Duk da haka, a 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Florence ta hana mambobinta rubuta littattafan asusu da waɗannan lambobi.

Ko al-Khwarizmi bai yi amfani da sifili a matsayin lamba a aljabararsa ba, kuma bai yarda da adadin da ke ƙasa da shi ba, shi ya sa ya raba matsalolinsa kashi shida, kowanne da hanyar warware shi. Da masanan Turai na ƙarni na 17 suka saba da kwashe komai zuwa ɓangare guda a daidaita shi da sifili, sai kashe-kashen suka dunƙule. Dalili shi ne sifili yana da siffar da babu lambar da take da ita: idan ninkin lambobi biyu ya ba da sifili, tilas ɗayansu sifili ce. Saboda haka x² − 5x + 6 = 0, idan aka mayar da shi (x − 2)(x − 3) = 0, ya nuna cewa x ko dai 2 ne ko 3. Da 6 ninkin ya bayar maimakon sifili, da ba a iya yanke komai daga gare shi kai tsaye ba, domin lambobin da ninkinsu ke ba da 6 ba su da iyaka.