Goge layik da jerin abubuwan da aka adana a shafukan sada zumunta

Goge layik da jerin abubuwan da aka adana shi ne mutum ya koma cikin akawun ɗinsa na shafin sada zumunta, ya janye alamomin da ya taɓa dannawa a ƙarƙashin rubutu ko hoto ko bidiyon wasu, ya kuma kwashe abubuwan da ya ajiye domin ya sake kallo. Manufar ita ce kada a ga sawun abin da ya taɓa ɗaukar hankalinsa. Ya bambanta da goge abin da mutum ya wallafa da kansa, domin a nan abin na wani ne, yana nan inda yake, sunan mai dannawa kawai ake cirewa daga jikinsa.

Asalin alamomin

Facebook ya fito da maɓallin Like a watan Fabrairun 2009. A 2014 ya ƙara Save, wato ajiye abu don a dawo masa, sannan a Fabrairun 2016 ya kawo alamomin ƙauna, dariya, mamaki, baƙin ciki da fushi. Alamar kulawa, mai rungume da zuciya, ta zo a 2020. Instagram ya fara adana wallafa a ƙarshen 2016, WhatsApp kuwa sai a Mayun 2022 aka fara ɗora alama a kan saƙo. Ke nan wanda ya buɗe akawun shekara bakwai ko takwas da suka wuce yana iya tara dubban dannawa da shi kansa ya manta da su, amma manhajar ba ta manta ba, kowanne na rubuce da ranarsa.

Wa ke ganin me

Nan ne yawancin mutane ke yin kuskure, don suna ɗaukar layik da abin da aka adana a matsayin abu guda. A Facebook, wanda zai ga layik ɗinka ya danganta ne da yadda mai wallafar ya buɗe abinsa, ba da yadda kai ka kulle akawun ɗinka ba. Idan wallafar a buɗe take ga kowa, duk wanda ya taɓa adadin layik ɗin zai ga jerin sunaye, kuma naka na ciki. Akwai saitin da ke ɓoye yawan layik, amma adadi yake ɓoyewa, ba ya cire suna. Shafukan da mutum ya yi wa layik ko yake bi kuwa suna iya fitowa a furofayil ɗinsa, sai dai su ana iya mai da su Only me, wato shi kaɗai ke ganinsu, ba tare da an goge su ba.

Abin da aka adana ba haka yake ba. Mai wallafar ba ya ganin sunan wanda ya adana, abokai ma ba sa gani, sai in mutum ya haɗa tarin da wani da gangan. A birni, inda kowa ke da wayarsa da lambar kulle, ana iya cewa wannan sirri ne. A ƙauyukan Kano da Jigawa lissafin ya sha bamban, domin waya ɗaya na zagaya hannuwa da yawa. Tana yini a shagon mai caji, ƙane ya ara ya kalli ƙwallo, uwargida ta karɓa ta kira 'yan'uwanta, aboki ya riƙe a majalisa yana tura waƙa. Duk wanda ya riƙe ta a buɗe, dannawa biyu ko uku za su kai shi Saved. Saboda haka a irin waɗannan wurare jerin da kamfani ke kira na sirri ya fi layik saurin tona asiri.

Sauran manhajoji kowacce da tsarinta. TikTok yana barin bidiyon da mutum ya so a ɓoye tun farko, sai in shi ya buɗe, amma mai bidiyon yana samun sanarwa. X, wanda a da ake kira Twitter, ya ɓoye jerin layik na kowa a Yunin 2024, sai mai wallafar kaɗai ke ganin wanda ya so abinsa. A WhatsApp duk wanda ke cikin guruf yana ganin wanda ya ɗora alama a kan saƙo.

Yadda ake yi, da misali

A ɗauki wani saurayi a ƙauyen da ke kusa da Ringim, wanda mai shagon caji ya buɗe masa Facebook a 2017. Ya yi zaɓen 2019 da na 2023 yana danna dariya a kan zagin 'yan wata jam'iyya, ya yi wa shafukan barkwanci marasa kan gado layik, ya adana bidiyoyin rawa. Yanzu an kai kuɗin gaisuwarsa, ya kuma san cewa yayyen yarinyar za su leƙa akawun ɗinsa kafin a sa rana.

Abu na farko ba gogewa ba ne, tabbatar da cewa akawun ɗin na hannunsa ne. Da yawa irinsa ba su san kalmar sirrinsu ba, lambar da aka yi rajista da ita kuma ta daɗe da mutuwa, wataƙila ma kamfanin layi ya sayar wa wani. Idan wayar ta lalace ko manhajar ta fitar da shi ana tsakiyar aiki, ba shi da hanyar komawa, layik ɗin kuma su zauna har abada. Don haka sai ya fara sa lambarsa ta yanzu, ya sauya kalmar sirri.

Daga nan ya shiga Settings & privacy, ya nemi Activity log. Wannan shi ne kundin duk abin da ya taɓa yi, an jera daga na jiya zuwa na farko. A ɓangaren sharhi da alamomi zai ga layuka irin "ka so hoton wane", kowanne da ɗigo uku a gefe, inda ake zaɓar Unlike ko Remove reaction. Sunayen wuraren na ɗan sauyawa daga sabuntawa zuwa sabuntawa, Facebook Lite ma tsarinsa ya ɗan bambanta, amma Activity log na nan a dukkansu.

A ce ya tarar da dannawa 1,800. Idan kowacce ta ci daƙiƙa 4, aikin awa 2 ne cur ba tsayawa, kuma sabis ɗin ƙauye ba zai ba shi haka ba. Ba lallai ne ma ya goge duka ba. Yawancinsu hotunan suna ne da ɗaurin aure da ta'aziyya, waɗanda cire su ba ya ƙara masa komai. Hanya mafi hankali ita ce ya tace da kwanan wata, ya je watannin da ya san ya yi zafin kai, wato daga Janairu zuwa Maris na 2019 da na 2023, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bayan nan ya duba jerin shafukan da ya so da waɗanda yake bi, domin jeri ne daban, kuma su ne mai bincike zai fara gani. A ƙarshe ya buɗe Saved ya riƙa danna Unsave.

Instagram ya fi sauƙi: a Your activity akwai Likes, inda ake danna Select a zaɓi da yawa a cire lokaci guda. Amma akwai tarko a wajen abubuwan da aka adana. Goge tarin da mutum ya sa wa suna ba ya cire abubuwan daga All posts, sai an bi su can an cire.

Inda aikin ke ɓaci

Idan sabis ya yi rauni, alamar kan gushe a fuskar waya alhali umarnin bai isa wurin kamfani ba, gobe a tarar ta dawo. Hanyar ganewa ita ce a rufe manhajar, a sake buɗe Activity log inda sabis ke da ƙarfi, ko a ari wayar amini a duba wallafar daga akawun ɗinsa a ga ko sunan na nan. Wanda kuma ya yi ta cirewa da sauri ba hutu, manhajar na iya ɗaukarsa inji ta dakatar da shi na ɗan lokaci, musamman Instagram da saƙonsa na Try again later. Maganin shi ne a raba aikin kwana-kwana.

Gajiya da wannan aiki ita ke kai mutane ga manhajojin da ke alkawarin share komai da dannawa ɗaya. Mafi yawansu sai an ba su kalmar sirri, wanda ya ba da kuwa ya miƙa akawun ɗin ne gaba ɗaya, har da saƙonninsa. Haka ma bai wa wani yaro mai iya waya ya yi maka: ka nuna masa duk abin da kake son ɓoyewa ke nan, layi bayan layi.

Ana kuma yawan rikita adanawa da saukewa. Bidiyon da aka sauke daga TikTok, ko aka karɓa ta WhatsApp ko Xender, yana cikin ma'ajiyar wayar ko a memori. Cire shi daga Favorites, wato jerin abubuwan da aka adana a TikTok, ba ya taɓa wannan kwafin. Wanda zai kai wayarsa kasuwar Farm Centre a Kano ya sayar, fita daga akawun da mai da wayar yadda ta fito daga kamfani da zare memori sun fi masa goge layik amfani.

Abin da ba ya goguwa

Cire layik ba ya tura wa mai wallafar sanarwa, amma idan ya riga ya ga ta farko, ya gani. Wanda ya ɗauki hoton fuskar waya lokacin da sunan ke jiki, hotonsa na nan. A rigimar siyasa ta ƙaramar hukuma irin wannan hoto ne ake fitowa da shi bayan shekaru, ranar da mutum ya sauya sheƙa.

Sai ɓangaren kamfani. A 2013 masu bincike a Jami'ar Cambridge, Michal Kosinski da David Stillwell, tare da Thore Graepel, sun nuna da bayanan mutum kusan 58,000 cewa daga layik kaɗai ana iya hasashen shekarun mutum da addininsa da ra'ayinsa na siyasa. Abin da manhaja ta riga ta fahimta game da mutum ba daga layik kawai ta samo shi ba, har da tsawon lokacin da ya tsaya a kan bidiyo da abin da ya bincika. Shi ya sa saurayin Ringim zai iya kwashe komai, washegari ya buɗe waya a gaban surukinsa irin bidiyoyin nan su ci gaba da fitowa. Wannan sai an bi ta wata hanya: share tarihin bincike da na kallo, danna Not interested, ko a TikTok a yi amfani da Refresh your For You feed da aka kawo a 2023.

Dokar kare bayanan sirri ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta bai wa mutum 'yancin neman kamfani ya goge bayanansa, sai dai inda doka ta wajabta a riƙe su. Wanda ya zaɓi rufe akawun ɗin Facebook ɗungurungum, layik ɗinsa da abin da ya adana suna tafiya tare da shi, amma ana ba shi kwana 30 da zai iya fasawa, kamfanin kuma ya ce kammala gogewar daga rumbunansa na iya kai kwana 90. Saƙonnin da ya tura wa mutane kuwa suna nan a akwatinsu.