Dokar awa 24 a shawarar jarirai

A ɗakunan haihuwa akwai ƙa'idar da bai kamata ma'aikata su sassauta ba: duk jaririn da idonsa ko fatarsa ta yi rawaya kafin ya cika awa 24, a ɗebi jininsa a auna bilirubin, sinadarin da ke jawo rawayar, nan take. Shawarar da aka saba gani sai a kwana na biyu ko na uku take fitowa. Wadda ta riga haka, galibi jajayen ƙwayoyin jinin yaron ne ke fashewa.

Babban abin zargi shi ne saɓanin jini. Uwa rukunin O, yaro A ko B. Ko kuma a ɗaya rabon jinin da ake kira Risos, uwa negatif, yaro fozitif. Garkuwar jikin uwar kan ratsa mahaifa ta manne wa ƙwayoyin jinin ɗan, su riƙa mutuwa, bilirubin ya taru fiye da abin da hantarsa za ta iya fitarwa. Gwajin Kumbs, wanda ake rubuta DAT a takarda, wannan mannewar yake nema.

Ga yaro haihuwar mako 38, uwa O, shi B. A awa 18 bilirubin 8 mg/dL, a awa 24 ya kai 11. Ƙarin 3 cikin awa 6 ke nan, wato 0.5 kowace awa, alhali 0.3 a ranar farko ma ta isa a zargi fashewar jini. A jadawalin ƙungiyar likitocin yara ta Amurka na 2022, yaro irin wannan da ba shi da wani haɗari sai ya kai kimanin 12 ake sa shi a fitila. Idan DAT ya tabbatar da fashewar, layin ya sauko kusan 10 da rabi. A wannan hali 11 ɗin nan ta wuce layin: a kwantar da shi tsirara sai kunzugu ƙarƙashin shuɗiyar fitila, a rufe masa ido, a ci gaba da shayarwa, a sake awo bayan 'yan awanni. In adadin ya ci gaba da hawa har ya kusanci matakin haɗari, a shirya canjin jini.

Kada DAT negatif ya sa a saki jiki. Ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ya yawaita a Najeriya, yana fasa jini, kuma DAT ba ya kama shi. Kafur da ake jefawa cikin kayan jariri na iya tayar da fashewar jini ga mai wannan ƙarancin. Bilirubin ne ke yanke hukunci.

Shanya yaro a hantsi ko ɗura masa ruwan gulukos ba ya maganin wannan, kuma jiran suna ya yi nisa ƙwarai. Yaron da ya ƙi nono, yake kuka mai tsini yana banƙarewa, abin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa, yana iya barin kurumta ko naƙasa. Ita kuma uwa mai Risos negatif da ta haifi fozitif, a yi mata allurar anti-D cikin awa 72 domin kare cikinta na gaba.