Talabijin na tsaitsayawa da daddare, laftof kuma na cewa intanet lafiya lau

Malam, talabijin ɗina mai intanet da rana ƙalau yake, amma daga ƙarfe takwas na dare sai fim ya riƙa tsayawa, da'irar nan tana ta juyawa. Na gwada gudun intanet a laftof a kan waifai ɗaya, ta nuna megabit 80. To ina matsalar take?

Lambar da laftof ta ba ka gaskiya ce, amma labarin hanyarta ta ba ka, ba ta talabijin ba. Hanyoyin sun bambanta a wuri biyu.

Na farko cikin gida ne. Rauta ta zamani, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana watsa waifai a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, sau da yawa ƙarƙashin suna ɗaya. Laftof ɗinka na iya hawa na 5, talabijin kuma ya maƙale a na 2.4 ba ka sani ba. Dubi ma inda yake: a manne da bango, ƙaramar eriyarsa tana cikin jikinsa, wataƙila katanga biyu ce tsakaninsa da rauta. Kai kuwa kana zaune kusa da rautar ka yi gwajinka.

Na biyu a waje yake. Shafin gwaji yakan zaɓi sabar da ta fi kusa da kai, wato kwamfutar da ke aiko maka da bayanai, wani lokaci ma a cikin layukan kamfanin da ke ba ka intanet, ya buɗe hanyoyi da dama lokaci guda, ya ja bayanai na 'yan daƙiƙu, ya ba ka sakamako. Fim kuwa daga wata sabar daban yake zuwa, kuma awa biyu zai yi yana zuwa. Ba gudu mai yawa yake nema ba, Netflix da kansa megabit 5 ya ce ya isa hoton 1080p, 15 kuma ya isa 4K. Abin da yake buƙata shi ne kada ruwan ya yanke. Talabijin yana tara ɗan guntun fim a gaba kafin ya nuna maka. Idan bayanai suka yi jinkiri har ajiyar ta ƙare, nan da'irar take fitowa.

Me ya sa sai da daddare?

Saboda lokacin ne kowa ya dawo gida. A zangon 2.4, layuka uku ne kacal ba sa shiga juna, wato Channel 1 da 6 da 11. Waifai kuma kamar magana ce a ɗaki guda, sai wani ya yi shiru wani ya samu faɗin tasa. Da rana rautocin maƙwabta suna kunne amma ba sa ɗaukar kaya sosai. Da dare ya yi, kowane gida na kallo, talabijin ɗinka sai ya riƙa jiran layi, abin da ya lalace a hanya kuma a sake aikowa. Wanda siginarsa ke da rauni shi ne ya fi shan wahala a wannan cunkoso.

Haka ma a wajen kamfanin intanet. Layin da ya shigo unguwa na mutane da yawa ne, kuma mahaɗar da ke tsakanin kamfanin da masu bidiyo tana iya cika a waɗannan awanni, alhali hanyar sabar gwaji tana nan wayam.

Ta yaya zan gane wanne ne a cikin biyun?

Da kebul. Wannan gwaji ɗaya ya fi duk wani zato, kuma shi nake so ka fara yi kafin ka kashe ko sisi. Samo kebul na intanet mai tsawo, ko da aro ne, ka haɗa talabijin da rauta kai tsaye, ko da zai bi ta tsakiyar falo na dare ɗaya. Sai ka yi kallo a daidai lokacin da abin ya saba faruwa. Gwajin rana ba zai gaya maka komai ba.

Don ka ga abin da idonka, buɗe YouTube a talabijin, ka kunna Stats for nerds, wato ɗan allon da ke nuna lambobin bidiyon da kake kallo. Lambobi biyu za ka sa wa ido: Connection Speed, wato gudun da bayanai ke isowa, da Buffer Health, wato daƙiƙu nawa ne na fim ke ajiye.

Mu ɗauka ƙarfe tara ne, kana kan waifai. Gudun yana tsalle, yanzu megabit 12, an jima 2, ya koma 9. Ajiyar tana sauka daga daƙiƙa 20 zuwa 8, zuwa 3, hoto ya dushe, sannan ya tsaya. Ka sa kebul, gudun ya zauna a wajen 70, ajiyar ta cika ta tsaya. Shi ke nan, iskar da ke tsakanin rauta da talabijin ce mai laifi, kamfanin intanet ba ruwansa.

Idan kuwa da kebul ɗin ma ajiyar ta ci gaba da zubewa, to waifai ya fita daga zargi. Sai ka haɗa laftof da wannan kebul, ka buɗe fim ɗin nan dai a manhajar nan dai. Idan ita ma ta tsaitsaya, matsalar daga rauta zuwa waje take. Idan ta tafi sumul, talabijin ɗin ne da kansa: cire shi daga wuta na minti ɗaya, ka sabunta manhajar, domin kashewa da rimot galibi kwantar da shi kawai take yi.

Kada ka damu idan ka ga da kebul bai wuce 95 ba. Talabijin da yawa bakin kebul ɗinsu iyakarsa megabit 100, kuma wannan ya ishi 4K har da rara.

Idan waifai ne, sai na sayi sabuwar rauta?

Ba yanzu ba. Shiga saitin rautar ka ba zangunan biyu suna daban-daban, ka sa talabijin ya manta da na 2.4, ya hau na 5 kaɗai. Sai dai zangon 5 bai iya ratsa katanga sosai ba, don haka fito da rautar daga cikin kabad ko bayan talabijin, ka ɗora ta a sama a fili. Idan saitin yana nuna ƙarfin sigina, -60 dBm yana da kyau, daga -70 zuwa ƙasa kuwa wahala ce. Talabijin da bai san zangon 5 ba, zaɓa masa Channel 1 ko 6 ko 11 a saitin rautar, wanda maƙwabta ba su cika ba. Ni dai a ganina, abin da ba ya motsi daga inda aka kafa shi, kebul ne ya dace da shi, a bar wa wayoyi iska.

Idan kuma daga waje ne fa?

Kafin ka kira kamfani, duba cikin gida tukuna. Waya ɗaya da ke tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet tana iya toshe hanyar fita, sai saƙonnin da talabijin ke aikawa na neman guntu na gaba su maƙale a layi. Cire wayoyi daga waifai na minti goma ka gani.

Idan bai sauya ba, gwada da fast.com, domin shi daga sabar Netflix yake jan bayanansa. Yi shi da kebul, da safe da kuma ƙarfe tara na dare, kwana uku a jere, ka rubuta lambobin da lokutansu. Waɗannan za ka karanta wa ma'aikacin kamfanin, ka faɗa masa da kebul ka auna, don kada ya sallame ka da cewa ka kashe rauta ka kunna. Kafin su gyara, sauke ingancin hoton daga 4K zuwa 1080p, abin da fim ɗin ke ja zai ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku.