Kada ku goge wayar da imel ɗinku ke ciki

Jama'a, a aikinmu na rajistar ƙungiyoyin manoma, kusan kowane mako sai an zo mini da kuka iri ɗaya: an manta kalmar sirrin Gmail, layin da aka buɗe shi da shi ya ɓace, imel na biyu da aka saka kuma na wani mai kafe ne da ya bar gari. Idan na tambayi ina wayar, sai a ce an kai kasuwa an yi mata filashin. Haba!

Wayar da imel ɗin ke buɗe a cikinta ita ce shaidar ƙarshe da ta rage muku. Google ya san ta, yakan kuma turo mata tambaya ko ku ne ke neman shiga. Wata sakatariyar ƙungiyar mata ta zo da irin wannan matsala. Ɗanta ya goge mata waya wai don ta daina nauyi. Da aka kunna, wayar ta ƙi buɗewa sai an saka mata wancan imel ɗin da kalmar sirrinsa, domin haka tsaron Android yake. Ga imel ya kulle, ga waya ta kulle. Na tausaya mata ƙwarai, amma don Allah wa ya aiki yaron nan?

In taku tana nan ba a taɓa ta ba, ku kwantar da hankali. Ku zauna a gida ko inda kuka saba amfani da ita, ba a shagon wani ba, sannan:

- Ku shiga g.co/recover da wannan wayar.
- Ku rubuta kalmar sirri ta ƙarshe da kuka tuna, ko tsohuwa ce.
- In an ce za a tura lamba zuwa layin da ya ɓace, ku danna "Try another way".
- Da kun shiga, ku je myaccount.google.com, sashen "Security", ku saka sabon layi. Yana iya ɗaukar kwana 7 kafin Google ya amince da shi sosai.

In duk an rufe ƙofa, ku garzaya ofishin kamfanin layinku da lambar NIN a dawo muku da tsohon layin. Kada ku yi sanya, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan sayar wa wani.

Wanda ya ce ku biya shi zai buɗe muku, ku riƙe kuɗinku. Ba shi da wata hanya da ta wuce shafin nan na g.co/recover. Kuma Malam, Hajiya, ina ƙara roƙonku: ko waya ta fashe fuska, a canja gilashi kawai, ku gaya wa mai gyara tun kafin ya karɓa cewa ban da filashin.