Rajistar kasuwancin abokai biyu a Najeriya: BN ko LTD, da wanda bashi ke hawa kansa

Tsarin doka na kasuwanci shi ne matsayin da hukuma da kotu suke ba wa harkar, wato ko ana kallonta a matsayin masu ita ne da kansu, ko kuwa wani mutum ne daban wanda doka ta ƙirƙira, mai iya cin bashi da sunansa, a kai shi ƙara da sunansa. A Najeriya dokar da ke kula da wannan ita ce dokar kamfanoni da ake kira CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020 ta maye gurbin ta 1990, hukumar da ke yin rajistar kuma ita ce CAC. Abokai biyu da suka haɗa jari don saye da sayarwa ƙofofi huɗu ne a gabansu, amma biyu aka fi shiga: rajistar sunan kasuwanci, wadda lambarta ke farawa da BN, da kamfani mai iyakar alhaki wanda sunansa ke ƙarewa da LTD lambarsa kuma ta fara da RC.

Rajistar suna

Wannan ita ce mafi arha da sauri, shi ya sa yawancin shagunan Kwari da Singa da Sabon Gari ita gare su in ma suna da rajistar. Doka ta ce wanda zai yi kasuwanci da wani suna da ba nasa na gaskiya ba ya yi masa rajista cikin kwana 28 da fara harka. Ana neman sunan a shafin CAC a ga ko wani bai riga ka ba, a cike fom da adireshin shago da irin kasuwancin da lambar NIN ta kowa, satifiket ya fito, a je banki a buɗe akawun da sunan.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne suna ɗauka satifiket ɗin nan ya mai da su kamfani. Bai mai da su ba. Suna kawai aka rubuta, a idon doka har yanzu mutum biyu ne 'yan tarayya, kuma ƙa'idar tarayya tana da abu biyu masu zafi. Kowane ɗaya wakilin ɗayan ne a harkar kasuwancin, in abokinka ya karɓo kaya bashi da sunan shagon to kai ma ka ci bashin ko da kana Abuja ranar ba ka san an yi ba. Sannan bashin ba ya tsayawa a kan jarin da kuka zuba, in dukiyar shagon ta ƙare ana wucewa kan taku. Akwai kuma wasu hukunce-hukunce da ke hawa kanku in ba ku rubuta yarjejeniya ba, misali a raba riba daidai-wa-daida ko da ɗaya ya fi zuba kuɗi, kuma rasuwar ɗaya tana warware tarayyar. Takarda shafi biyu a gaban lauya tana gyara waɗannan, amma abokai ba sa son yinta, wai kamar rashin yarda ne.

Kamfanin LTD

Shi wannan mutum ne mai zaman kansa a doka, ƙa'idar da ta samo asali tun shari'ar Salomon a Ingila a 1897 kuma kotunan Najeriya ke bi. Kayan da ke sito nasa ne, bashin nasa ne, ku biyun masu hannun jari ne kuma galibi ku ne daraktoci. Mafi ƙarancin hannun jarin da za a fitar wa kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne, kuma alhakin kowa ya tsaya a kan abin da bai biya ba na hannun jarin da aka rubuta masa. In ya biya duka shi ke nan. Dokar 2020 ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni sosai, ba dole sai sun naɗa sakataren kamfani ba, har mutum ɗaya ma yana iya kafa nasa.

A ɗauki misalin abokai biyu masu sayen riɗi da waken suya a ƙauyuka suna kawowa Dawanau. Na farko ma'aikaci ne, ya zuba miliyan 6, yana da gida da fili. Na biyu shi ya san kasuwa, ya zuba miliyan 4 kuma shi ke yawo. Da kaka na biyun ya ga farashi na hawa ya karɓi kayan miliyan 15 bashi a hannun wani babban dila, sai farashi ya karye, wani ɓangare na kayan kuma ruwa ya taɓa shi a sito. Da aka tattara komai, kaya da kuɗin akawun, miliyan 9 ya rage, saura miliyan 6 na dila.

In BN ce, dila zai kai su ƙara su biyun, in ya samu hukunci ba ruwansa da wane ne ya sa hannu ko wane ke da kashi 60 wane 40, inda dukiya take nan zai nufa, wato filin na farko da motarsa. Shi na farkon sai daga baya ya koma yana bin abokinsa kasonsa, abokin da ba shi da ko sisi. In LTD ce kuma sun biya hannun jarinsu cif, dila zai kwashi abin da kamfani ya mallaka, miliyan 6 ɗin da ta rage asararsa ce. Jarinsu na miliyan 10 ya tafi a duka halin biyu, bambancin shi ne fili ya tsira.

To amma garkuwar nan tana da ɓaraka, kuma babbar ɓarakar da hannunka kake yinta. Banki ba wawa ba ne, da wuya ya ba sabon kamfani bashi bai sa daraktoci sun tsaya garanto da kansu ba, manyan diloli ma haka. Ranar da na farko ya sa hannu a takardar garanto, game da wannan bashin dai ya koma inda mai BN yake. Haka in an karɓi kayan da baki, "Alhaji a ba ni zan kawo", babu rasit da sunan kamfani, to dila zai ce shi mutum ya ba wa ba kamfani ba, kuma yana da hujja. In kuwa aka tabbatar an gudanar da kamfanin da niyyar damfarar masu bin bashi, kotu na iya ɗora wa daraktocin bashin a kansu. Alamar cewa an fara rusa katangar da ke tsakaninku da kamfanin ita ce kuɗin ciniki na shiga akawun ɗin ɗayanku na ƙashin kai, kuɗin makarantar yara kuma na fita daga na kamfani.

Wata matsalar ta abokai biyu ce takanas, rabon hamsin-hamsin. Yana da daɗin ji ranar rajista, ranar da aka saɓa kuwa babu mai rinjayen ƙuri'a, ba a iya cire darakta ba a iya yanke komai, kamfani ya tsaya cik. Ko dai a bambanta kason, ko a rubuta tun farko wa zai raba gardama da yadda ɗaya zai sayi kason ɗaya. A nan ne kuma ake rubuta maganar rasuwa, don hannun jari gado ne, yana komawa ga magada, kana iya wayar gari kana tarayya da mutum takwas da ba su taɓa zuwa kasuwa ba.

Sauran ƙofofi biyun

Dokar 2020 ta kawo LLP da LP a matakin ƙasa. LLP tarayya ce amma tana da zaman kanta a doka, laifin abokinka ba ya bin dukiyarka, sai dai kowa na ɗauke da nasa laifin, lauyoyi da akantoci suka fi amfani da ita. LP kuma ta yi kama da ƙiradin da malaman fiƙihu ke karantarwa, mai kuɗi da mai aiki: ɗaya ke gudanarwa da cikakken alhaki, ɗaya ya zuba kuɗi alhakinsa iya kuɗinsa. Sharaɗin shi ne mai kuɗin kar ya tsoma hannu a gudanarwa, in ya tsoma kariyar ta faɗi a kan bashin lokacin.

Haraji

Kowane tsari aka zaɓa sai an samu lambar haraji, TIN, banki ma zai nema. Daga 2020 satifiket ɗin kamfani na fitowa daga CAC da lambar a jiki. Wanda ake biya ne ya bambanta. Masu BN ba a ɗaukar shagon a matsayin mai biyan harajin riba, ana raba ribar ne kowa ya biya harajin kuɗin shiga na mutum ga hukumar harajin jihar da yake zaune, a Kano KIRS ke nan. LTD kuwa gwamnatin tarayya yake biya wa harajin kamfani, hukumar da aka sani da FIRS wadda sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 suka mai da ita NRS daga Janairun 2026.

Ƙaramin kamfani harajin ribarsa sifili ne. Dokar kuɗi ta 2019 ta sa iyakar a cinikin miliyan 25 a shekara, sabuwar dokar ta ɗaga ta. Sai dai a lura, da ciniki ake aunawa ba da riba ba, kuma ɗan hatsi cinikinsa ƙato ne ribarsa siririya, tirela kaɗan a kaka ɗaya sun fitar da shi daga sahun ƙanana. A ce abokan nan sun wuce iyakar kuma sun ci ribar miliyan 5. A LTD kashi 30 harajin kamfani ne, miliyan 1.5, da kashi 4 na harajin raya ƙasa, 200,000, in suka raba ragowar miliyan 3.3 a cire kashi 10 na haraji, wato 330,000, jimla ta haura miliyan 2. A BN, da ma'aunin 2026 inda 800,000 ta farko ba haraji, miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15, mai kason miliyan 3 zai biya 330,000 mai miliyan 2 ya biya 180,000, in ba su da wani kuɗin shiga, don shi ma'aikacin albashinsa zai haɗu da kason ya tura shi mataki na gaba. Akanta mai wayo yana rage wannan tazarar ta hanyar yanka wa daraktoci albashi, tunda ana cire shi kafin a lissafa riba, amma a fili yake tsiran filin nan ba kyauta ba ne.

Harajin VAT kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, wanda ya kai matakin karɓarsa yana kai rahoto kafin 21 ga watan da ke biye, kayan abinci na yau da kullum ba a ɗora musu. In an ɗauki ma'aikata ana cire musu haraji a albashi a kai wa jiha. Kuma rashin biyan haraji ba ya nufin rashin kai rahoto, ƙaramin kamfani ma sai ya kai lissafinsa cikin wata shida bayan rufe shekararsa, ga rahoton shekara na CAC daban, wanda in an bar shi tara na taruwa har shafin hukumar ya nuna kamfanin a matsayin wanda ba ya aiki, galibi kuma ranar da ake neman kwangila ko bashin banki ake gano haka.

Da yawa suna farawa da BN sai harka ta girma su koma LTD, kuma ana yi, har sunan ana iya riƙewa. Sabuwar lamba ce, sabon akawun, a mayar da kaya da hayar sito sunan kamfani a rubuce. Bashin da aka ci lokacin BN dai yana nan a wuyan su biyun, sai in mai bin bashin ya yarda a rubuce cewa kamfani ne zai biya shi.